Rahoton haɗari a wurin aiki: ina abin da aka gani, ina abin da aka zata?

Sabon Ɗalibi: Assalamu alaikum malamaina. Ga wani sakin layi da aka ba mu a kwas a matsayin gwaji, aka ce mu ware abin da aka gani daga ra'ayi da hasashe. Ni dai na karanta shi sau uku, duk gaskiya nake gani a ciki. Ga shi:

"Da misalin ƙarfe goma na safe ma'aikacin yana gaggawar gama yankan bututun ƙarfe. Saboda sakaci ya cire murfin kariya na giranda, ya danna faifan yanka da ƙarfi fiye da kima har ya fashe, ya yanke shi a hannu. Bai sa tabarau ba. Raunin ba mai tsanani ba ne. Faifan jabu ne."

Wanda ya rubuta bai ga faruwar abin ba, bayan minti ashirin ya iso. Don Allah a taimaka.

Malam Mai Bincike: Wa alaikumus salam. Maganarka cewa bayan minti ashirin ya iso ita ce mabuɗin komai: marubucin jiyau ne, amma ya rubuta kamar ganau. Ka ɗauki kowace jimla ka yi mata tambaya ɗaya: wa ya ga wannan, yana tsaye a ina, ko da me aka auna? In babu amsa, jimlar ba ta da ƙafar tsayawa.

Da wannan ma'aunin, abin da ya tsira a sakin layin kaɗan ne. Faifai ya fashe, tunda ga gutsattsarinsa. Mutum ya ji rauni a hannu. Ana yankan bututu, in har an tarar da bututun da rabin yanka a jikinsa. Shi ke nan. "Gaggawa" ba a ganinta da ido, abin da ake gani shi ne mutum yana gudu, ko an ji shugabansa ya ce a gama kafin ƙarfe sha ɗaya. "Sakaci" hukunci ne. "Fiye da kima" kuwa sai a ce wace kima, wa ya auna ta? "Jabu" zargi ne a kan mai sayarwa, kuma ba a kawo hujja ko ɗaya ba.

Shugaban Sashe: Malam, a yi haƙuri, a nan ina da ja. Mutum ya yi aiki da giranda babu murfi, kowa ya san haramun ne a dokar aiki. In ba a kira wannan sakaci ba, me za a kira shi? Irin wannan sassaucin ne ke sa rahoto ya fito babu ɗanɗano, kowa ya wanke hannunsa, gobe a sake yi.

Malam Mai Bincike: Yallaɓai, rabin maganarka na karɓa. In akwai rubutacciyar doka da ta ce kada a kunna giranda babu murfi, to a rubuta: "Ƙa'idar aiki mai lamba kaza ta ce kada a kunna giranda babu murfi. An tarar da girandar babu murfi." Jimla biyu ne, kowace ana iya tabbatar da ita, kuma mai karatu zai ga saɓanin da kansa. Ba a sassauta wa kowa ba.

Inda na rabu da kai shi ne "ya cire". Duba yadda harshenmu ma ya ba mu hanya uku. "Ya cire murfin" na nufin an san wanda ya cire, kuma shi ne. "An cire murfin" na nufin wani ya cire, ba a san ko wane ne ba. "Babu murfi a jikin girandar lokacin da na duba ta da ƙarfe 10:25" shi kaɗai ne wanda ya iso bayan minti ashirin yake da ikon rubutawa. Wataƙila da aka ba shi girandar daga sito babu murfin. Wataƙila sati uku ke nan mutum shida suna aiki da ita a haka. Wataƙila wani ne ya kwance murfin bayan haɗarin. Da zarar ka rubuta "ya cire saboda sakaci", ka rufe waɗannan ƙofofin duka, babu wanda zai ƙara zuwa sito ya yi tambaya.

Baba Mai Walda: Yaro, kafin a yi nisa, me takardar gwajin ta ce game da girandar kanta da faifan? Girmansu nawa, me aka rubuta a jikinsu? Domin ƙarfe ba ya mantuwa, mutane ne ke mantuwa.

Sabon Ɗalibi: Baba, akwai wata takarda a haɗe. Giranda ƙarama ce, ta faifai mai milimita 115, farantin jikinta ya nuna juyi 11,000 a minti. An tsinci gutsure biyar na faifan. A jikin babban gutsuren ana iya karanta 230 da kuma 6650. An sami wani murfi a cikin aljihun teburin aiki. Tabarau na kan tebur. Bututun na ɗaure a bayis, wato abin matse ƙarfe na kan teburin aiki, yankan ya kai kusan biyu bisa uku.

Baba Mai Walda: To ka gani. Wannan takardar ta fi sakin layin daraja sau goma, kuma marubucin bai ɗauko komai daga cikinta ba.

Lambar 230 faɗin faifan ne yana sabo, milimita 230, na babbar giranda ke nan. Lambar 6650 iyakar juyin da aka yarda ya yi a minti. An ɗaura shi a kan injin da ke juyi 11,000. Ramin tsakiyarsu ɗaya ne, milimita 22 da 'yan kai, shi ya sa yake shiga. Kuma faifai mai wannan girman ba zai zauna cikin murfin 115 ba, dole murfi ya fita. Wannan shi ne abin da ya faru, an ɗaura babban faifai a ƙaramar giranda, gudu ya yi masa yawa, ya tarwatse. A rubuta haka kawai.

Malam Mai Bincike: Baba, Allah Ya ƙara girma. Bayaninka ya fi na marubucin ƙarfi nesa ba kusa ba, amma ka lura da inda ka tsallaka. Lambobin nan biyu, 6650 da 11,000, abin gani ne, a ɗauke su hoto a sa su a rahoto yadda suke. Cewa sun saɓa, wannan ma tabbas ne, kuma karya ƙa'ida ne ko da faifan bai fashe ba. Amma "gudu ne ya fasa shi" hasashe ne na masani. Hasashe mai kyau, amma hasashe.

Ga dalili. Ba mu san faɗin faifan a lokacin da ya fashe ba. Sau da yawa faifan da ya cinye a babbar giranda ne ake maidowa kan ƙarama don kada a yar. Faifai irin wannan ana ƙera shi ne don gefensa ya yi gudun da bai wuce mita 80 a daƙiƙa ba. Lissafin ba wuya: faɗin faifai a mita, sau 3.14, sau juyi a minti, a raba da 60. In cikakken 230 ne a juyi 11,000, gefensa na gudun kusan mita 132 a daƙiƙa, ya zarce iyaka sosai. In kuwa ya cinye ya dawo 150, kusan mita 86 ne, ya ɗan haura kawai. A hali na farko gudu shi ne babban abin tuhuma. A na biyu dole a duba wasu abubuwan da kyau. Saboda haka aikin farko shi ne a jera gutsure biyar ɗin a kan farar takarda, a haɗa su kamar fasasshen faranti, a sa ma'auni a gefe, a ɗauki hoto, a rubuta faɗin da aka samu. Ban ce a yarda da ɗaura irin wannan faifan ba, ko ya cinye ko bai cinye ba haramun ne. Cewa nake kada a rubuta musabbabi kafin a auna.

Baba Mai Walda: Ka yi gaskiya, na yi saurin yanke hukunci. To tunda haka ne, ga sauran abin da zan so a duba a rubuta, domin faifai na fashewa ta hanya fiye da ɗaya.

A duba bakin yankan da ke jikin bututun. In bututun ya zauna ta yadda nauyi ko lanƙwasa ke matse bakin yankan, faifan zai maƙale, girandar ta yi tsalle, faifan ya karye. Alamarsa ita ce bakin yankan ya fi kaurin faifan ƙunci, kuma gefen gutsattsarin ya yi sheƙi ko ƙuna inda ƙarfe ya goge shi. A auna faɗin bakin yankan a sama da ƙasa. A duba kuma ko yankan miƙe yake ko ya karkace, domin faifan yanka siriri ne, ba ya jure a murɗa shi ko a yi goga da gefensa. A duba noti da farantin da ke riƙe faifan, ko an juya notin daidai, ko akwai tsatsa ko tsakuwa a tsakani. A duba zoben ƙarfe na tsakiyar faifan, galibi ana buga wata da shekarar ƙarewar wa'adinsa a nan, domin ƙaron da ke haɗa shi yana lalacewa in ya daɗe, musamman a wuri mai laima.

Shi kuma murfin da aka samu a aljihun tebur, kada a ce nata ne sai an gwada shi a jikinta. In ƙura ta lulluɓe shi, wuyan girandar inda yake zama shi ma ya cika da dattin ƙarfe, a rubuta haka. Kada a rubuta "an daɗe da cire shi" a sashen abin da aka gani, a kai wannan sashen hasashe a ce ga abin da ya sa ake zaton haka.

Ɗan Sito: Ni tambayata daban ce. In rahoto ya ce faifan jabu ne, wa zai biya kuɗin asibiti, kamfani ko mai sayar da faifan? Kuma ai gara a rubuta abin da zai sa a biya mutumin da wuri, ko ba haka ake nufi da kauce wa ra'ayi ba, wato kada a rubuta abin da zai ɓata wa wani?

Hajiya Nas: A'a ƙanena, ba haka ba ne. Ba ana ɓoye abin da zai ɓata wa wani ba ne. In an ga abu, a rubuta shi ko wa zai taɓa. Abin da ake hana shi ne rubuta abin da ba a gani ba kamar an gan shi. Maganar biya kuma dokar kowace ƙasa da inshorar wurin ce ke yanke ta, ba tamu ba ce a nan. Sai dai ka sani, rahoton da aka ƙawata don a taimaki mutum shi ne ke fara rushewa in aka zo bincike, ya ja shi ƙasa.

Bari in taɓa jimlar da ta fi damuna: "Raunin ba mai tsanani ba ne." Wa ya faɗa? Mai rubuta rahoto ba shi da hurumin wannan. Abin da ake so shi ne wane hannu, dama ko hagu, ciki ko baya, santimita nawa daga wuyan hannu, tsawon yankan nawa, wa ya fara ba da taimako da ƙarfe nawa, me ya yi, ina aka kai shi. Misali: "Yanka a bayan hannun hagu, kusan santimita 5 sama da wuyan hannu, tsawonsa santimita 6. An danne da bandeji da ƙarfe 10:08." Yanka a wannan wurin na iya zama ƙarami a ido alhali ya taɓa jijiyar da ke ɗaga yatsu, sai likita ya duba ake ganewa. In rahoton ranar farko ya ce "ba mai tsanani ba", bayan kwana uku aka shiga tiyata, kowa zai ce an yi rufa-rufa.

Kuma wurin raunin shaida ne ga su Baba. Hannun hagu ne ko dama, daga wane ɓangare gutsuren ya zo, duk yana nuna yadda ya riƙe girandar da inda ya tsaya.

Haka sauran kalmomin jiki. Kada a ce "ya suma", a ce "an kira sunansa sau uku bai amsa ba, bayan kusan minti ɗaya ya buɗe ido", a faɗi wanda ya kira. Kada a ce "a buge yake" ko "barci yake ji". In wani ya ji wari ko ya ga ido ya yi ja, a rubuta sunansa da abin da ya ce ya ji, a tsaya nan.

Shugaban Sashe: To tabarau fa? An same shi a kan tebur, ga hoto. Hoto ai ba ya ƙarya. Wannan kam bai sa ba.

Hajiya Nas: Yallaɓai, hoton ƙarfe nawa aka ɗauka? Mutum ya ji ciwo, abu na farko da yake yi ko masu taimakonsa suke yi shi ne cire masa tabarau da safar hannu. Hoto na nuna inda abu yake lokacin da aka ɗauka, ba lokacin da faifai ya fashe ba. A tambayi wanda ya fara isowa: da ka zo, me ke fuskarsa? A duba gilashin tabaran ko akwai sabon ƙarce. A tambayi shi kansa mai raunin.

Sakatariyar Kwamiti: Ina so in ƙara kan maganar tambaya, domin nan ne hasashe ke shiga bakin shaida ba tare da ya sani ba. A 1974 masu binciken halayyar ɗan Adam, Elizabeth Loftus da John Palmer, sun nuna wa mutane fim na karon motoci, suka tambaye su gudun motocin. Waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar rugurguza sun ƙiyasta sama da mil 40 a awa, waɗanda aka tambaya da kalma mai ma'anar bugu suka ce kusan 34. A gwaji na biyu, da aka sake tambayar mutane bayan mako ɗaya da kallon fim, waɗanda suka ji kalma mai zafi sun fi cewa sun ga fasasshen gilashi, alhali babu gilashin a fim ɗin. Kalma ɗaya ce ta yi wannan.

Saboda haka in ka ce wa shaida "ka ga lokacin da ya cire murfin?", ka riga ka ba shi labari. Ka ce "faɗa min abin da ka gani tun daga lokacin da ka shigo", ka yi shiru. In ya gama ka tambaye shi inda yake tsaye, mita nawa, me ke tsakaninsu, yana kallon wurin ne ko ƙara ce ta sa ya juyo. Wannan ta ƙarshe tana da muhimmanci ƙwarai. Yawancin waɗanda ke cewa "a gabana aka yi" ƙarar fashewar suka ji suka waiwaya, abin da suka gani bayan fashewa ne, sauran ƙwaƙwalwa ce ta cike. A ji kowa shi kaɗai, a ranar in zai yiwu, kafin su zauna su haɗa labari ɗaya. In shaida ya ce "wai", "an ce", "ina jin", "da alama", kada ka goge masa su wajen rubutawa don jimla ta yi kyau. Su ne ke nuna maka inda ganinsa ya ƙare.

Sabon Ɗalibi: Na gode ƙwarai. To abin da shaida ya faɗa, a wane ɓangare zan sa shi? Gaskiya ne ko ra'ayi?

Malam Mai Bincike: Cewa ya faɗa, wannan tabbas ne. Abin da ya faɗa kuwa bai tabbata ba sai wani abu ya mara masa baya. Shi ya sa ake rataya kowace magana a wuyan mai ita. Ga yadda zan sake sakin layin, in muka ɗauka an yi awon an kuma ji shaidu:

"Rajistar taimakon gaggawa ta nuna an kira da ƙarfe 10:06. Na isa wurin 10:25. Na tarar da giranda ta faifai 115 a ƙasa, babu murfi a jikinta, farantinta na nuna juyi 11,000 a minti. An tattara gutsure biyar na faifan, mafi nisa mita 4 daga bayis. A jikin ɗaya an rubuta 230 da 6650. Da aka haɗa su, faɗin ya kai kusan milimita 150. An sami murfi a aljihun tebur, ya shiga wuyan girandar daidai, akwai ƙura a kansa. Shaida na ɗaya, yana tsaye kusan mita 6, ya ce ƙara ya ji sannan ya juyo. Mai raunin ya ce haka ya tarar da girandar da safe. Ba a tabbatar da wanda ya cire murfin ko yaushe ba."

Sai a buɗe wani sashe daban, a sa masa suna ƙarara, hasashe. A nan Baba zai ce: ina zaton an cire murfin ne don faifan ya shiga, hujjata ita ce 150 ba ya zama cikin murfin 115. Abin da zai rushe zatona shi ne in rajistar sito ta nuna girandar ta daɗe babu murfi tun kafin a kawo wannan faifan. Kowane zato da hujjarsa da abin da zai ƙaryata shi.

Ka lura da jimlar "ba a tabbatar ba". Mutane na jin kunyar rubuta ta, sai su cike gurbin da zato. Ita ce ke gaya wa na gaba inda zai ci gaba da tono.

Shugaban Sashe: Na yarda da batun murfin da tabarau. Amma har yanzu ina da saura. Mutum irin Baba, shekara da shekaru yana wannan aikin, ya kalli gefen gutsure ya ce wannan maƙalewa ce. A ce maganarsa da ta mai wucewa duk sunansu hasashe? Ni a wurina abin da ƙwararre ya gano ya kusa zama abin gani.

Sakatariyar Kwamiti: Nauyinsu ba ɗaya ba ne, Yallaɓai, shi ya sa ake rubuta wanda ya faɗa da ƙwarewarsa. Amma ɗazu a gabanmu Baba ya ce gudu ne, da aka kawo batun awo ya janye. Da an sa maganarsa ta farko a sashen abin da aka gani, wa zai yi ƙarfin halin taɓa ta?

Baba Mai Walda: Ni ina tsakaninku. "Gefen faifan ya yi sheƙi na goguwa" abin gani ne, amma wanda bai san faifai ba ba zai ma lura da shi ba, kuma ba zai bambance shi da sheƙin da faifai ke yi a aikin yau da kullum ba. Ido na ne ya zaɓi abin da za a rubuta. Ban san inda za a ja layi a nan ba. Abin da zan ce kawai, a ajiye gutsattsarin a leda, kowane da lambarsa da inda aka tsince shi, kada a wanke su, kada a kunna girandar don gwaji kafin a ɗauki hoton noti da faranti yadda suke, domin wani idon ya zo ya duba bayan nawa.

Sabon Ɗalibi: Baba, to "jabu" fa? In goge ta gaba ɗaya?

Baba Mai Walda: Goge ta daga sashen farko. A madadinta rubuta sunan da ke jikin faifan, lambar rukuninsa in tana karantuwa, wa'adin da ke kan zoben, da inda aka ajiye kwalin. Ka ware sauran faifan da ke cikin wannan kwalin, kada a yi aiki da su, ka aika biyu ko uku tare da hoton tambarin ga kamfanin da sunansa ke jiki. Su ne za su ce nasu ne ko ba nasu ba.